SmartArt ko akwatunan hannu: abin da na gani da na zana jadawalin ma'aikatanmu

Kamfaninmu na sayar da iri da taki da injin ban-ruwa ga manoman albasa, babban ofishinmu yana nan cikin garin Sakkwato. Da muka fara mu 9 ne, kowa ya san wanda yake gabansa. Bana mun kai 23, da sabon reshe a Illela, har an kai ga sabon yaron sito ya rasa wa zai kai wa takardar neman hutu. Wannan ya sa manajanmu ya kira ni ya ce: "Malama, ki zana mana shafi ɗaya da zai nuna wa ke ƙarƙashin wa, mu haska shi ranar taro."

Na fara da SmartArt, kayan zana jadawali da ke cikin PowerPoint: Insert, sai SmartArt, sai Hierarchy, na zaɓi Organization Chart. Gaskiya nan ya burge ni. Akwai wurin rubutu a gefe mai suna Text Pane, inda kowane layi akwati ɗaya ne. In na danna Enter sabon akwati ya fito, Tab ya mayar da mutum ƙarƙashin wanda ke samansa, Shift+Tab kuma ya ɗaga shi mataki ɗaya. Sakatariyar manaja na sa ta da Add Assistant, ta zauna a gefe ba ta shiga sahun shugabannin sassa ba. Kafin shayina ya huce na gama manaja da sassa huɗu: kuɗi, sito, ciniki da gyara.

Matsala ta fara ne da na zuba sauran mutane. Duk akwatin da ka ƙara, SmartArt zai matse sauran don su samu wuri, rubutun ya ƙanƙance a dukkansu lokaci guda. Da na kai mutum na 20, na haska a bango na koma kujerar ƙarshe ta ɗakin taro, ko suna ɗaya ban iya karantawa ba. Lissafin a bayyane yake. Faɗin shafin santimita 33.87 ne, in ka bar gefe da gefe saura kamar 31. Akwatin da zai ɗauki cikakken suna da muƙami yana son santimita 3.5, da tazarar 0.5 tsakani, ka ga bakwai ne iyakar abin da sahu ɗaya zai ɗauka. Sashen ciniki kaɗai mutum takwas ne.

Abin da ya ceci aikin shi ne maɓallin Layout. Na zaɓi akwatin shugaban ciniki na danna Both, mutanensa suka sauko ƙasa sahu biyu, huɗu dama huɗu hagu, maimakon su bazu a kwance. Ƙananan sassan na ba su Right Hanging. Rubutun ya dawo yana karantuwa.

Sai dai akwai inda SmartArt ya gaza ƙwarai. Mai kula da sitonmu na Illela yana ƙarƙashin shugaban reshe, amma lissafin kaya akantan kamfani yake kai wa duk ƙarshen mako. SmartArt shugaba ɗaya ya sani ga kowane akwati. Don in samu sakewa, na danna Convert to Shapes, wanda ke mayar da zanen akwatunan hannu, na ja akwatinsa gefe, sai layin ya tsaya inda yake, akwatin ya tafi shi kaɗai. Ashe layukan da ke fitowa bayan juyawar ba a manne suke ba. Ga shi kuma Text Pane ya tafi, ban ajiye kwafin shafin ba. Wannan ya ci min yammaci guda, kuma ya ɓata min rai, domin an riga an sa ranar taro.

Na goge layukan na sake jan su da Elbow Connector. Idan ka kai bakin layin jikin akwati, ƙananan ɗigo za su bayyana a gefunansa, a kansu ake saki. Ɗigon bakin layin ya zama kore, to ya kama; in fari ne bai kama ba, ko da ido ya nuna maka sun haɗu. Ni dai sai na ɗan ja akwatin na ga layin ya biyo shi kafin in yarda. Layin da ke zuwa wurin akanta na mayar da shi tsinke-tsinke ta Shape Outline, sai Dashes, don a gane rahoto ne yake kaiwa. Jera akwatuna kuwa Align Top da Distribute Horizontally suka yi min.

Wata mai zuwa za mu ɗauki direbobi biyu, kuma da hannu zan matsar da rabin sashen sito kafin su samu wuri. Saboda haka na sake tsari: shafi ɗaya na shugabanni da akwatunan hannu, tunda nan ne layuka ke gittawa kuma ba a cika canji ba, sannan kowane sashe da shafinsa na SmartArt, inda sabon ma'aikaci Enter ɗaya ne kawai.