Kafin ka biya injiniya ya auna maka ragin wutar gininka, ga yadda zaɓin suke

Duk mai otal ko asibitin kuɗi ko makaranta a Birnin Kebbi ko Gusau da ya taɓa canza esi zuwa na inbata, ko ya sa kwan lantarki marasa cin wuta, ko ya sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ya san maganar da ɗan kwangila ke yi, wai Alhaji wutarka za ta ragu da kashi 30. To bayan an gama aiki wa zai tabbatar? Ragin wuta ba abu ne da mita ke nunawa ba, domin abin da ba ka sha ba ne, sai dai a ƙiyasta abin da ginin da zai sha in da ba a taɓa shi ba, a cire abin da ya sha yanzu. Duk rigimar tana cikin wannan ƙiyasin, kuma shi ne za ka biya kuɗi a kansa.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a duniya sunanta IPMVP, ta kasa hanyoyin gida huɗu, A da B da C da D. A da B na wanda ya canza abu guda ne da za a iya ware shi, kamar fitilu ko famfon bohol. A zaɓi A ana auna abu ɗaya mai muhimmanci, misali wat nawa fitilun ke ja kafin da bayan, a yarda a rubuce a kan awannin da suke kunne. A B kuwa mita ake ɗaura wa na'urar a auna komai. In fitilu kawai ka canza, tsaya a A, kar wani ya sayar maka da abin da ya fi haka.

Inda kuɗi ke shiga shi ne tsakanin C da D. Zaɓi C yana ɗaukar karatun mitar ginin gaba ɗaya na wata 12 kafin aiki, a haɗa shi da zafin gari a fitar da lissafi. Zaɓi D kuma shi ne a gina ginin naka a cikin kwamfuta, bango da rufi da tagogi da esi da awannin aiki, a manhaja irin EnergyPlus ta ma'aikatar makamashin Amurka wadda kyauta ce, ko DesignBuilder da ake biya, sannan a yi ta gyara shi har abin da yake fitarwa ya yi daidai da abin da mita ta karanta. Wannan daidaitawar ita ce aikin, kuma ita ce tsadar, ba manhajar ba.

Amma kafin C ko D akwai tambayar da mu nan ya kamata mu fara yi, wace mita? Waɗannan ƙa'idojin an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, bil ɗin wata shi ne duk abin da gini ya ci. Mu kuwa Kebbi da Zamfara muna ƙarƙashin Kaduna Electric, kuma babu wani babban gini da ke kan layi kaɗai, akwai janareta, wasu da sola. Bil ɗinka yana nuna awa nawa aka ba ka wuta ne fiye da yadda yake nuna cin ginin. A ce bara kana samun awa 10 a rana, bana layinku ya gyaru kuna samun 16, bil zai haura ko da sabbin esin na aiki lafiya lau, dizal ne zai sauka. In kuma wutar ce ta ragu ɗan kwangila zai ɗauko bil ya ce ka gani ko Alhaji. Bil na ƙiyasi ma ba a maganarsa, ba a daidaita komai da shi.

Wasu za su ce a juya litar dizal zuwa kilowat-awa, lita ɗaya tana ba da wajen 3 in janareta na ɗauke da kaya daidai, wato lita 1,500 ta zama 4,500. Hakan na iya tsayawa a matsayin maneji, amma janareta babba da ke jan kaya kaɗan cikin dare yana shan mai ya ba da ƙasa da haka sosai, ga kuma littafin dizal da ba kullum yake faɗin abin da ya shiga tanki ba, kun dai gane. Shi ya sa ni abin da nake cewa a fara saya shi ne mita mai ajiye karatu, a ɗaura ta bayan canjoba inda wutar layi da ta janareta suke haɗuwa su shiga ginin, tana rubuta karatu duk minti 15 ko duk awa. Injiniyan da ya kawo maka takardar farashi babu maganar wannan mita a ciki, bai zauna ya kalli yadda gininka ke cin wuta ba.

Bari mu ɗauki misali, lambobin na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Otal mai ɗaki 40, yana cin kilowat-awa 180,000 a shekara, wato 15,000 a wata in an raba. A zaɓi C ana amfani da ma'aunin zafi na wata, kowace rana a duba da digiri nawa matsakaicin zafinta ya haura 18, a tara na watan duka, jimlar ita ake kira CDD. Afrilu da zafin rana ke wuce 40 zai tara da yawa, Janairu lokacin hunturu kaɗan. A ce lissafin shekarar baya ya fito haka:

```
kWh = 5000 + 30 × CDD
```

Afrilun kafin aiki ya tara 450, otal ya ci 18,500. Afrilun bayan aiki ya fi zafi, ya tara 500, mita ta karanta 15,500. Mai cire bil daga bil zai ce ragin 3,000 ne. Amma tsohon ginin da irin wannan zafin da 20,000 zai sha, don haka ragin gaskiya 4,500 ne. In shekarar ta zo da sauƙin zafi abin juyawa yake yi, cire bil daga bil sai ya kumbura ragin, ka biya ɗan kwangila ladan abin da damina ta yi. A otal dole a sa yawan ɗakunan da aka kama a lissafin, don watan da aka yi taron siyasa ko bikin kamun kifi na Argungu ba ɗaya yake da watan da ba baƙi ba.

C ya fi araha nesa ba kusa ba, takardar lissafi ta kwamfuta ta ishe shi, amma yana da sharaɗi biyu. Sai kana da karatun shekara guda mai kyau kafin aiki, sannan ragin ya zama babba, ƙa'idar ta ce ya haura kashi 10 in da karatun wata-wata ake aiki, in bai kai ba zai ɓace cikin hawa da saukar da gini ke yi da kansa. Kuma ba zai gaya maka nawa ne rabon esi nawa ne rabon rufi ba, jimla yake bayarwa.

D ana zuwa masa ne in babu tarihin mita, misali sabon gini ko wanda sai bayan aiki aka sa masa mita, ko kuma an yi gyare-gyare da yawa masu shafar juna kana son rabon kowanne. Rage zafin rufi yana rage aikin esi, sabbin fitilu ma suna rage zafin ɗaki, ba za ka tara ragin kowanne daban ka samu jimlar gaskiya ba. Nan ne za ka nemi lambobi biyu masu nuna yadda kwamfuta ta dace da mita, waɗanda ASHRAE Guideline 14, ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gini ta Amurka, ta gindaya:

```
NMBE     = Σ(m − s) / ((n − 1) × m̄) × 100
CV(RMSE) = √(Σ(m − s)² / (n − 1)) / m̄ × 100
```

m karatun mita ne, s abin da kwamfuta ta fitar, n yawan watanni, m̄ matsakaicin karatun mita. Da karatun wata, na farko kar ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa, na biyu kar ya wuce 15. Da karatun awa-awa 10 ne da 30. Kar ka yarda a ba ka guda ɗaya. A otal ɗin namu a ce kwamfuta ta zarce mita da 3,000 a wata shida, ta gaza da 3,000 a sauran shidan, na farko zai fito sifili cas, injiniya ya ce yallaɓai ya hau daidai, amma na biyu zai kai wajen kashi 21, ya faɗi. Irin wannan kuskuren mai bin kaka yawanci yana nuna an raina aikin esi an cika kayan da ke aiki kullum irin firiza da famfo, ko akasin haka, kuma tunda esi ka canza, rabon esin shi ne duk maganar.

Ko lambobin biyu sun ci ma ban cika sakin jiki ba, saboda lambobi 12 kacal ake nema a dace da su, alhali abubuwan da za a iya murɗawa a cikin manhajar sun fi ɗari. Mai wayo zai ƙara awannin fitila nan ya rage iskar da ke shigowa ta ƙofa can har ya dace. Don haka ka nemi jerin duk abin da aka canza lokacin daidaitawa da dalilin kowanne. In an rubuta ɗakuna na kan digiri 24, ka shiga ɗaki uku ka duba rimot, ni dai 16 na fi gani. In an ɗauki ƙarfin tsohon esi daga takardar kamfani, ka tuna injin waje da ƙurar hunturu ta toshe ba ya aiki kamar sabo, a auna shi da mitar maƙalawa kafin a cire shi, in an kwashe an sayar shi ke nan. Ka tambayi bayanan yanayin da aka sa, akwai na shekarar da aka harhaɗa daga matsakaicin shekaru, wannan na zanen gini ne, daidaitawa kuwa sai da zafin ainihin watannin da mita ta karanta. Sai kuma abin da ya fi damuna, manhajar tana ɗauka wuta na nan awa 24, alhali in aka koma janareta manaja na kashe rabin esin, in ba a shigar da wannan a jadawalin ba duk sauran gyaran ƙarya ake lissafawa.

Rahoton ragi ya zo da kilowat-awa tukuna kafin naira, kuma a lissafa kafin da bayan da farashi ɗaya. A Afrilun 2024 an kai masu Band A naira 225 kan kowane kilowat-awa, duk wanda ya gwada bil na naira tsakanin 2023 da 2024 a wannan layin zai ga kamar gyaran ƙara masa ci ya yi. A raba ragin wutar layi da na dizal don kuɗinsu ba ɗaya ba ne, a faɗi iyakar kuskuren lissafin, misali 4,500 da ƙari ko ragin 900, sannan a rubuta tun farko yadda za a yi in ka ƙara ɗakin taro ko ɗakin sanyi a tsakiyar shekara.

Maganar farashi, ƙa'idar IPMVP kanta ta ce kuɗin aunawa yawanci ba ya haura kashi 10 na abin da ake ragewa a shekara. Otal mai ɗaki 40 da ke da shekara guda kafin ya fara aiki, mita bayan canjoba da zaɓi C sun ishe shi. Wanda ya riga ya cire tsofaffin esin babu karatu, ko babban asibiti da aka yi wa gyara iri huɗu kuma za a biya ɗan kwangila gwargwadon ragin, D ne, kuma mai aunawar kai za ka ɗauke shi ka biya shi, kar ya zama yaron ɗan kwangilar.