Jadawalin wallafa na ƙaramar ƙungiya: wace manhaja za a ɗauka, wace za a bari

A ɗauki shagon abaya da atamfa a Alabar cikin Kumasi, mai mutum huɗu a kan harkar tallarsa. Hajiya ce mai shago, ita ke sanin farashi. Akwai yarinya mai rubuta bayanin kaya, akwai yaro mai ɗaukar hoto yana gyarawa a Canva, sai ƙanen Hajiya da shafukan Facebook da Instagram suke hannunsa. Suna fitar da talla biyar a mako. Irin wannan ƙungiya ce ake nufi a nan, ko shago ne, ko makarantar Islamiyya a Nima, ko ƙungiyar matasan zango a Aboabo.

Masu tallar manhajoji sukan nuna kyawun kalanda da yawan launuka. Abin aunawa na gaskiya tambaya biyu ce. Wa yake da ikon rubuta "an amince"? Kuma rubutun da aka amince da shi, shi ne kuwa wanda ya fita? Yawancin ɓarna a nan take faruwa: Hajiya ta ga sidi 450 ta ce to, wani ya taɓa rubutun da daddare, gari ya waye talla ta fita da sidi 350, masu saye suka zo da hoton a waya suna cewa ai ku kuka rubuta.

WhatsApp ba sai an daɗe a kansa ba. Wurin kira ne da tunatarwa, ba ya riƙe jadawali. "To, ya yi" ɗin Hajiya yakan nutse a ƙarƙashin saƙon murya arba'in, ba a san ko hoto na farko take nufi ko na uku ba, sannan yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba.

Notion yana da kyau a ido, amma tsarinsa na kyauta yana ƙayyade yawan abin da za a rubuta da zarar mambobi sun wuce ɗaya, kuma fayil ba ya wuce megabait 5. Buffer na kyauta yana ɗaukar shafuka uku, da talla goma a layi ga kowanne, amma matakin amincewa sai an biya kuɗi, kuma kuɗin dala ne ta kati. Shagon da cinikinsa ke shigowa da sidi ta MoMo ya yi lissafi kafin ya ɗaura wa kansa wannan kowane wata.

Trello ya fi su cancantar a tsaya a duba. Ana jera ginshiƙai, daga shawara zuwa rubutu zuwa jiran amincewa zuwa wallafa, kowace talla kati ɗaya ce da ake ja daga wannan zuwa wancan, kuma ko a ƙaramar waya yana da daɗin aiki. Tsarin kyauta yana ba da allo goma da mutum goma, ya ishi ƙungiya irin wannan. Inda ya gaza shi ne duk wanda aka sa a allon a matsayin mamba yana iya jan kati zuwa ginshiƙin amincewa da yatsa ɗaya, da gangan ko bisa kuskure. Tarihin katin zai nuna wanda ya ja, amma sai bayan talla ta fita ake zuwa dubawa.

Shi ya sa Google Sheets ne zaɓin da ya fi dacewa, duk da shi ne mafi muni a ido. Kyauta ne, yana buɗewa a kowace waya, ana iya ajiye shi don aiki ba intanet ranar da dumso ya ɗauke wuta ko data ta ƙare. Abin da ya ɗora shi a kan saura shi ne ana iya kulle ginshiƙi guda, a ce mutum ɗaya kaɗai ke iya rubutu a cikinsa.

Ga yadda ake shimfiɗa shi. Kowace talla layi ɗaya ce. Ginshiƙin A ranar fita, B dandali, C batu, D sunan mai rubutu, E rubutun kansa, F adireshin hoton a Google Drive, G matakin da aikin yake, H amincewa, I rubutun da aka amince da shi, J dubawa, K abin da ya biyo bayan wallafa. Hoton kada a liƙa shi cikin jadawalin, zai yi nauyi a waya. A ajiye shi a Drive, a tuna kuma gigabait 15 na kyauta da Gmail ake raba su, bidiyo kaɗan ne za su cinye.

Kafin a rubuta ko da kwanan wata ɗaya, a shiga File, sai Settings, a mayar da Locale zuwa United Kingdom. Idan aka bar shi a kan tsarin Amurka, wanda ya rubuta 6/3 yana nufin 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, jadawalin zai karanta 3 ga Yuni, tallar bikin ta koma can ƙasa ba wanda ya lura.

Ginshiƙan G da H a yi musu jerin zaɓi ta Data validation, don kada wani ya rubuta "ok", wani "ya yi", wani ya sa alamar yatsa. A G zaɓi huɗu sun isa: Ana rubutu, Jiran Hajiya, An tsara, Ya fita. A H biyu ne kawai: An amince, A gyara. Sannan a kan kwamfuta a shiga Data, a zaɓi Protect sheets and ranges, a kulle H da I da J, a bar wa Hajiya kaɗai. Abu biyu a sani game da wannan kulli. Mai fayil ɗin kullum yana iya rubutu a wurin da aka kulle, saboda haka da asusun Hajiya ko na shago za a buɗe fayil ɗin, kada ya zama na yaron hoto. Kuma da zarar an kulle, sauran ba za su iya goge layi ba, don haka a tanadi layuka kamar ɗari biyu tun farko.

Kullin ya amsa tambaya ta farko. Ta biyu kuwa da sauranta, domin E a buɗe yake, mai rubutu na iya canza farashi bayan Hajiya ta amince. Maganin shi ne idan ta amince, ta kwafi rubutun E ta zuba a I, a J kuma a sa wannan a ja shi har ƙasa:

```
=IF(I2="","",IF(EXACT(E2,I2),"daidai","an taɓa"))
```

Ko waƙafi ɗaya aka sauya a E, J zai nuna "an taɓa". Dokar ƙanen Hajiya ɗaya ce: daga I yake kwafa, ba daga E ba, kuma idan ya ga "an taɓa" sai ya kira yayarsa kafin ya tsara komai. Wanda ya yi taɓin ma ba ya ɓuya, domin a kwamfuta danna dama a kan akwatin sai Show edit history ya fito da sunansa da lokacin.

Jadawali ba ya tafiya sai da wa'adi. Tallar da za ta fita ranar Asabar, rubutunta da hotonta su kammala ranar Talata. Hajiya tana da kwana ɗaya ta duba. Idan ta ce a gyara, ta rubuta abin da za a gyara a cikin sharhin akwatin, a dawo mata da shi ranar Alhamis. Zagaye biyu na gyara ya isa, na uku alama ce cewa tun a taron Litinin ba a yarda da batun ba. Don a ga wanda ya makara, a sa wannan a Conditional formatting a kan layukan duka daga layi na biyu zuwa ƙasa, da jan launi:

```
=AND($A2<>"",$A2>=TODAY(),$A2-TODAY()<=2,$H2<>"An amince")
```

Duk tallar da ta rage kwana biyu ba a amince da ita ba za ta yi ja. Idan ja ya yi yawa kuma G na cewa "Jiran Hajiya", matsalar ba ta masu rubutu ba ce. Mai shagon da ta tafi kasuwar Kejetia tun safe ba za ta iya duba talla biyar ɗaya bayan ɗaya ba. A ware mata rabin awa ranar Laraba bayan la'asar ta duba duka a zama ɗaya, a kuma naɗa mutum na biyu a cikin kullin saboda ranar tafiya.

Fitar da tallar kuwa aikin Meta Business Suite ne, kyauta, yana tsara Facebook da Instagram ta Planner. Tallar sallah kaɗai ce ba a tsara wa rana tun da wuri. A amince da ita a ajiye, sai an ji sanarwar ganin wata daga ofishin babban limamin ƙasa. A kuma buɗe hoton a waya kafin amincewa, domin wasu salon haruffan Canva ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da wani salo dabam ko akwati fanko a tsakiyar kalma.

Bita ta ƙarshe ranar Litinin ce, minti ashirin. A K a rubuta yawan waɗanda suka turo saƙo suna tambayar kaya, da kuskuren da aka gani idan akwai. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan hayar shago.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan hatsari. Akwai masu yawo a zaurukan WhatsApp suna sayar da Canva Pro ko wata manhaja "har abada" a kan 'yan sidi kaɗan ta MoMo. Abin da suke yi shi ne su jefa ka cikin ƙungiyar wani da ba ka sani ba. Ranar da aka rufe ƙungiyar ko aka cire ka, zanen da kuka yi a cikinta na iya tafiya da ita, lambar mai sayarwa kuma ba ta shiga. Kamfanin da ke karɓar kuɗi duk wata ba ya sayar da har abada ta hannun wani yaro.

Na biyu su ne masu cewa su ƙwararrun talla ne, su nemi kalmar sirrin Facebook ta mai shago, ko a ba su full control a kan shafi. Wanda ke da wannan iko yana iya cire kowa, har da wadda ta buɗe shafin. Mai tsara talla ba ya bukatar fiye da damar wallafawa da amsa saƙo, kuma ana ba shi ita da asusunsa na kansa. Cikakken iko ya tsaya a hannun mutum biyu na gida, kowanne da tabbatarwa mai mataki biyu a kunne.

Na uku saƙon da ke shigowa akwatin shafi da tambarin Meta, wai an karya doka, za a rufe shafi cikin awa 24 idan ba a danna nan ba. Shafin bogi ne na satar kalmar sirri, kuma yawanci wanda ke amsa saƙon masu saye cikin gaggawa shi yake faɗawa. Haka mai kira yana neman lamba shida da WhatsApp ya turo, da sunan zai sa ka a wani taro. Duk wanda ya karanta masa lambar ya miƙa asusunsa. Idan abin ya riga ya faru, a sauya kalmomin sirri nan take, a fitar da duk na'urar da ba a gane ba daga asusun, a kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.

Jadawalin kansa ma yana da tasa ƙofar. Kada a raba shi da zaɓin Anyone with the link a matsayin mai gyara, domin duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya shiga ya yi rubutu. A gayyaci kowa da adireshin Gmail ɗinsa. Ranar da wani ya bar aiki, a cire shi daga jadawali da Drive da shafi a ranar, bayan an mayar da mallakar hotunan da ya ɗora zuwa asusun shago, tun da fayil a Drive na wanda ya ɗora shi ne, kuma idan ya goge daga wajensa ya ɓace wa kowa.