Ƙurajen haɓa: ƙwayar tsarin iyali ko sifironolakton?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 32, a Kubwa nake, 'ya'yana biyu. Ƙuraje masu tauri da zafi suna fito mini a haɓa da gefen muƙamuƙi, da can sai al'ada ta matso, amma tun da aka sa mini ashana a hannu wata 8 da suka wuce ba sa ɗagawa. Na sha doksisaikilin sau uku, suna dawowa. Wata ta ce in koma ƙwayar tsarin iyali, wata ta ce akwai sifironolakton. Wanne ya fi?"

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Magungunan nan biyu abu ɗaya suke nema, wato rage tasirin androjin, sinadarin halittar namiji da jikin mace ma yake samar da kaɗan daga cikinsa, a kan fata, domin shi ne yake sa 'yan jakunkunan maiƙo na fuska su riƙa fitar da maiƙo fiye da kima har ƙofofin gashi su toshe su kumbura. Wannan ne ma dalilin da ya sa doksisaikilin yake kwantar miki da ƙurajen na ɗan lokaci sannan su dawo: yana rage ƙwayoyin cuta da kumburi, amma bai taɓa tushen maiƙon ba, kuma ba a so a wuce kimanin wata 3 ana shan sa. Ashanar da ke hannunki kuwa sinadarin furojestin ne zalla a cikinta, babu istirojin, kuma sananne ne cewa tana ƙara wa wasu mata ƙuraje, kamar yadda allurar wata uku take yi.

Ƙwayar da ake nufi a nan ita ce mai haɗin sinadarai biyu, istirojin da furojestin, ba wadda ake ba masu shayarwa ba, domin ita waccan furojestin ce kaɗai kuma ba za ta taimaka miki ba. Mai haɗin biyun tana rage androjin ɗin da ƙwan mace ke samarwa, tana kuma ƙara wani sinadari a jini da yake ɗaure ragowar ya hana shi isa ga fata. Amfaninta gare ki shi ne jifa ɗaya za ki yi ki sami biyu, tazarar haihuwa da gyaran fuska, sai dai dole a cire ashanar, kuma dole ki iya shan ƙwaya kowace rana ba fashi. Inda gizo ke saƙa shi ne istirojin yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Saboda haka ba a ba mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, ko mai shan sigari da ta kai shekara 35, ko mai ciwon ɓarin kai irin wanda kafin ya taso take ganin walƙiya ko zane-zane a idonta. Wannan na ƙarshen shi ne mata suka fi mantawa su faɗa wa likita, don ba su ɗauka yana da alaƙa da maganin fuska ba.

Sifironolakton kuwa asalinsa maganin hawan jini ne da fitar da ruwa daga jiki, daga baya aka lura yana tare androjin a daidai inda yake kama fata. Galibi likita yana farawa da miligiram 50 a rana, idan jiki ya karɓa bayan 'yan makonni ya ɗaga zuwa 100. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata 410, aka wallafa a 2023, ya bi wannan tsarin, kuma bambanci tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba ya fi fitowa a mako na 24 fiye da mako na 12. Ma'ana, wadda ta sha wata guda ta ce bai yi mata ba, ba ta ba shi lokacinsa ba ne. Ita ma ƙwayar haka take, wata 3 zuwa 6.

Shi sifironolakton ba ya hana ɗaukar ciki, kuma ba a shan sa da juna biyu domin yana iya taɓa halittar al'aurar jariri namiji. Yana sa yawan fitsari, wani lokaci jiri idan an miƙe da sauri, ciwon nono, da rikicewar al'ada. Yana kuma riƙe sinadarin fotasiyam a jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin hawan jini irin lisinofiril, ba za ta taɓa shi ba sai da gwajin jini da sa idon likita. Wani abu da ya shafe mu nan: maganin da ke fitar da ruwa, a zafin Abuja na watan Maris ko a lokacin azumi, yana iya galabaitar da mutum, don haka a tambayi likita lokacin sha tun kafin azumin ya kama.

A naki yanayin, da ni ce zan fara zuwa a auna hawan jinina, in kuma tuna ko ina da irin ciwon kan nan. Idan kina jin daɗin ashanar kuma ƙurajen ne kaɗai damuwarki da ita, sifironolakton ya fi dacewa da ke, domin babban sharaɗinsa, wato ingantacciyar hanyar hana ciki, yana nan a hannunki. Idan kuwa dama ashanar tana damun ki da zubar jini ba kan ƙa'ida, awonki ya fito lafiya, kuma ba kya mantuwar shan magani, to cire ta a koma ƙwayar ya fi ma'ana. Idan kuma kina shirin sake haihuwa nan kusa, duka biyun ba naki ba ne, sai ki tsaya kan man azelayik asid mai kashi 20, wanda ake yarda da shi ko da ciki, kuma yana rage baƙin tabon da ƙuraje ke bari a fatarmu.

Ko wanne kika ɗauka, ba ya maye gurbin abin shafawa. Adafalin mai kashi 0.1 da daddare, gwargwadon ƙwayar wake ga dukan fuska, ba kan ƙurji kaɗai ba, ana farawa da dare uku a mako saboda yana busar da fata, musamman da hunturu. Shi ma ana ajiye shi idan ana neman ciki. Da safe a wanke da sabulu mai laushi, a shafa mai marar maiƙo da man kariya daga rana, don rana ce take ƙara duhun tabo. Ki duba kuma duk man da kike shafawa: yawancin mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da sitiroyid irin kulobetasol ko betametason, wanda yake kwantar da fuska mako ɗaya ko biyu sannan ya fito da ƙananan ƙuraje iri ɗaya birjik, fata ta yi siriri ta riƙa ja. Muddin ana shafa shi, babu maganin da zai yi tasiri. Bakin hijabi mai matse haɓa, idan ya sha gumi da hoda, shi ma yana tsananta abin a daidai wannan layin, don haka a sassauta shi a riƙa sauyawa.

Idan tare da ƙurajen kina ganin gashi mai kauri a haɓa ko ƙirji, ko gashin tsakiyar kai yana zubewa, ko tun kafin ashanar al'adarki tana yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, ki faɗa wa likita a duba ƙwanki da sinadaran jininki da sukari kafin a rubuta miki komai. Idan ƙurajen sun fara barin ramuka a fata, ki nemi likitan fata kai tsaye, akwai su a Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, domin a nan ne ake duba ko kina bukatar maganin ƙurajen nan mai ƙarfi da ake sha, aisotiretinoyin, wanda dokarsa kan juna biyu ta fi ta sauran duka tsanani.