Labarin matar da ta dinga ramewa tana baƙi: yadda na same shi

Wata abokiyar aikina ce ta matsa mini in sayi wannan gajeren labari, wai tana so ta ji ko zan gano ciwon kafin likitan cikin labarin ya gano. Na biya, aka turo mini a waya, na karanta shi a aikin dare, tsakanin zagayen ƙarfe biyu da kiran assalatu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata, saboda haka labaran da ake sa asibiti a ciki ba kasafai suke burge ni ba. Yawanci likita yana taɓa goshin mara lafiya ne kawai ya faɗi sunan cuta. Wannan bai yi haka ba.

Labarin wata matar aure ce mai 'ya'ya uku da sana'ar ɗinki. Gajiya ce ta fara kama ta, sai ta kasa taka keke har la'asar kamar da. Abinci ya fita ranta, tashin zuciya ya zama na kullum, zani ya fara zagaye ta har da rara. In ta miƙe daga sujada sai ta dafa bango saboda jiri. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifod sau biyu, an ce gyambon ciki ne. Da ramar ta yi yawa maƙwabta suka fara raɗe-raɗin ƙanjamau, aka gwada ba a samu ba, sai uwar miji ta koma maganar sammu. Haka aka ci shekara ɗaya da rabi.

Abin da ya sa na yarda marubuciyar ta san abin da take rubutawa shi ne yadda ta kawo baƙin. Ba ta ce matar ta wayi gari ta yi baƙi ƙirin ba. Ƙanwarta ce ta zo sa mata lalle, ta riƙe hannunta, ta ga layukan tafin sun yi duhu kamar an bi su da tawada. Daga baya tabon aikin haihuwar da aka yi mata ya rine, gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu suka bi, har dasashi da cikin kumatu suka yi dabbare-dabbare. Haka cutar take. A jikin baƙar fata, wanda ya tsaya kallon fuska zai ce rana ce ko wahala, amma rana ba ta shiga cikin baki. Akwai kuma wurin da 'yarta ta kama ta a madafi tana lasar gishiri a tafin hannu. A nan na ajiye wayar na ce wa kaina, cutar Addison ce.

Ga wanda bai sani ba, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirenal, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Tana fitar da kotizol, wanda ke riƙe sukari da ƙarfin bugun jini musamman lokacin da jiki ya shiga matsi, da kuma aldosteron, wanda ke hana gishiri da ruwa zurarewa ta fitsari. In ta lalace, gishiri ya tsiyaye, jini ya sauka, shi ne jirin da kwaɗayin gishirin. Baƙin kuwa daga kai yake zuwa: wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa tana ta ƙara aika sinadarin da ke tsokanar adirenal ta yi aiki, yawan wannan sinadari ne ke rina fata. Alamun ba sa fitowa sosai sai kusan kashi 90 cikin 100 na ɓawon tsokar ya mutu, shi ya sa ciwon ke tafiyar hawainiya. Thomas Addison, likita a asibitin Guy's na Landan, shi ya bayyana cutar a 1855.

Daren da aka gano ciwon ya fi ko'ina kama ni. Amai da gudawa na kwana biyu suka kwantar da ita, aka kawo ta ranga-ranga, an ɗaura ruwa amma awon jini ya ƙi tashi. Wata ƙaramar likita ta ga sakamakon gwaji, sodiyam ya yi ƙasa, fotasiyam ya hau, sukari ya faɗi, sai ta haska bakin matar da fitilar waya ta kuma buɗe tafin hannunta. Ta ɗebi jini ta ajiye, ba ta jira sakamako ba ta yi mata allurar haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, miligiram 100 ta jijiya, aka ci gaba da ruwan gishiri. Wannan daidai ne, don jiran takarda a irin wannan hali kisa ne. Labarin dai ya tsallake gwajin tabbatarwa. Ana auna kotizol da safe wajen ƙarfe 8 zuwa 9, in da shakka a yi allurar sinadarin tsokana maikurogiram 250, a sake ɗibar jini bayan minti 30 a ga ko adirenal ta amsa.

Inda muka raba gari da marubuciyar shi ne ƙarshe. Shafi ɗaya bayan allura, matar ta yi ƙiba, ta yi haske, uwar miji ta nemi gafara, aka rufe. Mai karatu zai tashi da zaton an warke. Ba a warkewa. Za ta sha haidirokotizon har ƙarshen rayuwarta, galibi miligiram 15 zuwa 25 a rana kashi biyu ko uku, mafi yawa da farkawa, ta haɗa da fuludirokotizon saboda gishiri. In zazzaɓi ya kama ta sai ta ninka, in amai ya hana ƙwaya zama a ciki sai allura da gaggawa. Azumi ma sai ta zauna da likitanta tukuna. Hasken fata yana dawowa, amma a cikin watanni. Na ji tsoron wata ta karanta, ta ji sauƙi, ta ajiye magani.

Ba a kuma ce komai kan dalilin lalacewar adirenal ɗin ba, alhali a farkon labarin an ambaci wani ƙanin miji da ya yi doguwar jinyar tari a gidan. A ƙasashen Turawa garkuwar jiki ce ta fi cinye tsokar, a nahiyarmu kuwa tarin fuka har yanzu yana cikin manyan dalilai. Da an bi wannan zare da labarin ya ƙara nauyi, domin rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana sa hanta ta ƙone haidirokotizon da sauri, dole a ƙara yawansa ko mara lafiya ta sake faɗuwa tana tsaka da magani.

Hausar labarin mai daɗi ce, sai dai kurakuran bugu sun yi yawa, kuma maganganun mijin sun yi tsawo ba gaira ba dalili. Ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Na ce wa ɗaliban jinya biyu da ke tare da ni su saya, na kuma rubuta musu ƙa'idar ninka magani a takarda su haɗa da shi.