Takardar Cornell wajen taƙaita littafi: tana aiki, amma a fara cika ta daga ƙasa

Masu karatu a Damagaram, musamman ɗaliban Jami'ar André Salifou, sukan so su matse littafin gyaran hali mai shafi ɗari uku a shafi guda. Na yi amfani da takardar Cornell wajen wannan aiki, kuma hukuncina shi ne tana da amfani ƙwarai, da sharaɗin kada a cika ta yadda aka saba.

Walter Pauk ne ya tsara ta a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950, domin ɗaukar darasi a aji. A kan takarda A4 ana ja layi a tsaye, a bar santimita 6 a hagu domin tambayoyi da santimita 15 a dama domin bayani, sannan a keɓe santimita 5 a ƙasa domin taƙaitawa. Ka zana ɗaya da baƙin bik, sauran a yi maka fotokopi. Filin dama ba ya wuce layi 27 na rubutun hannu, wato kalmomi kamar 200, kuma wannan ƙuncin shi ne alherinta, domin dole ka zaɓa.

Matsalar ita ce an yi ta ne don darasin da ake bi daga farko zuwa ƙarshe. In ka bi littafi haka, babi bayan babi, abin da za ka samu jerin kanun babi ne kawai. Ɗauki littafin Stephen Covey na 1989 kan ɗabi'u bakwai, wanda aka fassara da Faransanci. Mafi yawan masu taƙaita shi sukan jera ɗabi'un daga ɗaya zuwa bakwai su ajiye bik, alhali hujjar marubucin tana cikin yadda ya jeranta su. Yana cewa mutum yana tashi daga dogaro da wasu zuwa tsayawa da ƙafarsa, sannan ya kai ga haɗa hannu da wasu. Ɗabi'u uku na farko na mallakar kai ne, uku na gaba na mu'amala da mutane, ta bakwai kuma sabunta ƙarfi ce. Wanda bai iya cika alkawarin da ya yi wa kansa ba, mutane ba za su amince da nasa ba, shi ya sa ta huɗu ba ta zuwa kafin ta uku. Jerin da ya zubar da wannan dalili ya zubar da littafin.

Don haka kada ka taɓa takardar sai ka gama karatu. Bayan kowane babi, rubuta jimla ɗaya a wata takarda daban, da aikatau a cikinta. "Lokaci" ba jimla ba ce. "Abin gaggawa yana cinye lokacin abu mai muhimmanci" ita ce jimla. Ka kula da gabatarwa sosai, domin a irin waɗannan littattafai can ake shimfiɗa hujja, kuma can mai gaggawa yake tsallakewa.

Sai ka fara da akwatin ƙasa, kalmomi arba'in: marubucin ya ce kaza, domin kaza, saboda haka a yi kaza. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba ka kama littafin ba tukuna, koma gabatarwa. Daga nan ka hau filin dama da jimloli biyar zuwa bakwai, kowace ta fara da kalmar da ta ɗaure ta da ta sama, kamar "domin", "amma", "sai dai in", "shi ya sa". Waɗannan ƙananan kalmomi su ne mutane ke fara yankewa don samun wuri, kuma su ne ke riƙe hujjar. Labarai kuwa ka bar guda, da lambar shafinsa. A hagu ka sa tambayar "me ya sa", kamar me ya sa mallakar kai ta riga mu'amala.

Gwajin mai sauƙi ne. Karanta wa wani a fada jimlolin dama a hargitse. In bai ji wani abu ya lalace ba, jeri ka rubuta, sai ka sake.

Aibin da na fi jin zafinsa shi ne takardar ba ta ware wuri ga ra'ayin mai karatu ba, sai ya cakuɗe da na marubuci, bayan wata guda ba ka san wa ya ce me ba. Ina ba da shawara a rage filin hagu zuwa santimita 5, a kuma ja layi a ƙarƙashinsa a rubuta inda ba a yarda ba da jan bik. Littafin da tarin nasihohi ne marasa alaƙa da juna ba ya buƙatar wannan takarda, jeri ya ishe shi.