Wasiƙar neman aikin koyarwa da sibi: abin da ke shiga kowace

"Salamu alaikum. Na gama digirin koyar da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, na kuma gama bautar ƙasa. Wata sakandare mai zaman kanta a nan Daura ta ce a kawo wasiƙar neman aiki da sibi. Ni dai gani nake duk abu ɗaya ne, kuma ban taɓa aiki ba, to me zan rubuta?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Aikinsu daban ne. Sibi na gaya wa shugaban makaranta wace ce ke da abin da kika mallaka, a jere, da shekaru. Ita kuwa wasiƙa magana ce da kike yi da wannan makarantar ita kaɗai, kan gurbin da take son cikewa. Shi ya sa sibi ɗaya zai iya zagaya makarantu biyar, amma wasiƙa sai kin sake ta duk inda kika nufa.

Batun ba ki taɓa aiki ba, ban yarda ba. Kin yi koyarwar gwaji lokacin da kike jami'a, in kuma makaranta aka tura ki bautar ƙasa, kin ƙara shekara guda a gaban allo. Wannan shi ne jarinki, kuma a nan ne bambancin takardun biyu ya fi fitowa.

Mu ɗauka a koyarwar gwajin an ba ki aji biyu na babbar sakandare, kin koyar da sinadarai zango ɗaya. A sibi layi biyu ko uku ya isa: sunan makarantar, garin, watan da kika fara da wanda kika gama, ajin, darasin. Sai ki ƙara abin da hannunki ya yi, kamar rubuta tsarin darasi, cike rajista, tsara jarrabawar gwaji da yin maki. Babu labari, babu yabon kai. A wasiƙa kuma abu ɗaya tak za ki ciro daga ciki ki buɗe shi. Misali ki ce makarantar ba ta da isassun kayan ɗakin gwaji, sai kika jiƙa zoɓo, kika zuba lemon tsami a kofi ɗaya, ruwan kanwa a ɗayan, yara suka ga launi ya sauya da idonsu, suka gane asid da kishiyarsa. Mai makarantar kuɗi damuwarsa sakamakon WAEC da NECO, don shi iyaye ke dubawa kafin su biya kuɗin zango. Wanda ya karanta wannan sakin layin ya san za ki iya riƙe aji ko da kaya sun yi ƙaranci. Amma fa abin da kika yi da gaske za ki rubuta, domin makarantu da dama kan ce ki shiga aji ki koyar a gabansu kafin su ɗauke ki.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Layin farko ya faɗi darasin da kike nema da inda kika ji labarin gurbin, tsakiya wancan misalin, ƙarshe ki ce a shirye kike a gwada ki. Ki sa hannu. Ki kuma tambaya ko ta hannu suke so, don wasu shugabannin rubutun malami suke son gani. Sibin sabuwar malama shafi ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, karatu a sama, na baya-bayan nan a farko. Rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, in kin yi, ki sa ta inda ido zai fara sauka. In ba ki yi ba, kada ki rubuta kin yi. Masu ba da shaida a kanki mutum biyu sun isa, malamin da ya duba ki a koyarwar gwaji da shugaban makarantar da kika yi bautar ƙasa, kuma ki sanar da su tukuna, kada a kira mutum ya ce bai gane wa ake nufi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wasiƙar shagon buga takardu. Za ki je, su buɗe ta wani, su goge sunansa su sa naki, wani lokaci har sunan wata makarantar a bari a ciki. Ki rubuta kayanki da kanki a gida, su dai su buga.

Kafin ki kai, ki shimfiɗa takardun biyu kusa da takardun shaidarki ki bi su da yatsa. Shekarar gama jami'a ta zama ɗaya a ko'ina, haka jerin sunanki. In sunan da ke takardar sakandare ya saɓa da na digiri, ki haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Kwafi za ki miƙa, na asali kuma su zauna a jakarki sai ranar ganawa, a duba a mayar miki.