Busco un médico ko Busco a un médico?

"Jama'a, a Sifaniyanci wanne ne daidai, Busco un médico ko Busco a un médico? Kuma wace ƙa'ida zan riƙe?"

Ɗan'uwa, duka biyun daidai ne, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ƙa'idoji biyu ne ke yawo a hannun masu koyo, kuma na gwada kowacce.

Ta farko ita ce ta wani ɗan littafin koyon gaggawa da na saya, na kuma yi da-na-sanin kuɗina: in karɓau mutum ne, a sa kalmar a a gabansa. Tana aiki a Veo a María, na yarda, amma daga nan ba ta kai mutum ko'ina.

Ta biyu kuwa a asibiti na koye ta, lokacin da nake zaune a Madrid. Na je da zazzaɓi na ce wa matar da ke karɓar baƙi Busco a un médico, sai ta ɗago kai daga takardunta ta tambaye ni sunan likitan. Da ta ga na yi turus, ta yi murmushi, ta maimaita mini jimlar a hankali ba tare da a ba. Tun ranar na gane cewa tambayar da ake yi ita ce: wani takamaiman mutum ne a zuciyar mai magana, ko kuwa kowa ma ya samu ya wadatar? In wani sananne kake nema, sai ka ce Busco a un médico que habla francés. In kuwa kowane likita mai jin Faransanci zai biya maka buƙata, sai a cire kalmar a, aikatau na biyu ma ya sauya: Busco un médico que hable francés. Wannan habla da hable ita ce alamar da nake dubawa idan na yi shakka.

Ka kula da tener da hay, domin bayansu ba a sa kalmar a ko da ana maganar mutane: Tengo dos hermanos, Hay muchos niños. Tana komawa bayan tener ne idan ana faɗin halin da mutum yake ciki, kamar Tengo a mi madre enferma, wato mahaifiyata tana kwance ba lafiya. Su kuwa alguien, nadie da quién ba sa rabuwa da ita a matsayin karɓau, in ba bayan hay ba, ko da ba ka san mutumin ba: No veo a nadie.

Ka kuma yi hattara da masu sayar da littattafan da aka kwafa ba izini, masu alƙawarin za ka iya harshen cikin kwana 30. Kafin ka biya, buɗe babin a ɗin nan. In babu misali da tener ko nadie, mayar masa da kayansa.

Ta biyun za ka riƙe. Idan kuma ba wani likita na musamman kake nema ba, Busco un médico za ka ce.